Farashin Mai Sayen Biyu

Sha biyu kacal suka rage mini, a kuɗin ƙasar da na zo karatu, ga shi wata bai ko karkata ba. Shinkafa ina da ita, abin ɗorawa ne babu. Yayana ne ke turo mini kuɗi daga abin da yake samu a tuƙin tasi, kuma na rantse a raina ba zan ƙara buɗe masa baki ba sai ƙarshen wata.

Kifin gwangwani ne rufin asirin ɗalibi. Shagon da ke ƙasan gidanmu yana sayar da manya uku a ƙunshe kan huɗu da rabi. Kowane gwangwani ina raba shi ci biyu, wato ci ɗaya ya kama kwabo saba'in da biyar. Sai na ga tallan babban kanti na bayan gari a waya: ƙanana sha biyu kan bakwai da ashirin, kowanne ci ɗaya, kwabo sittin ke nan. Da na haɗa da kuɗin bas na zuwa da dawowa sai ribar ta gudu, don haka na ce ƙafa me ta yi? Ni da kaina na yaba wa kaina wayo.

Na isa tafin ƙafata na zafi. A ƙasan babban rubutun farashin akwai wani ɗan mitsitsi da ban lura da shi a waya ba: sai in ka ɗauki ƙunshi biyu. Ɗaya kaɗai tara da sittin ne, ci ɗaya kwabo tamanin, ya ma fi na ƙofar gida tsada. Biyun kuwa sha huɗu da arba'in. Na sake latsa lissafin kamar zai ji tausayina ya canza. Na duba agogo, kafin in taka in koma shagonmu ya rufe, kuma babu abin da zan ci da shinkafar yau.

Na ɗauki ƙunshi biyu, na jingina da kanta na kira Yaya don in roƙe shi ciko, ina jin kunyar kaina. Ya ɗauka ina jiyo ƙarar guduma. Ya ce yana gareji tun safe, giyar motar ce ta tsaya, amma kada in damu, kanikawa sun ce za a lallaɓa. Har da tsokanata wai an ce na yi ƙiba.

"Auta, ya kuɗin? Za su kai ki?"

"Za su kai, Yaya. Har da saura."

Na mayar da ƙunshi ɗaya inda na ɗauko shi, na bi layi da ɗayan. Matar da ke karɓar kuɗi ta dube shi, ta nuna mini allon tallan cikin kirki, ta ce ai in na ƙara ɗaya ya fi sauƙi sosai.

Na miƙa mata kuɗin na ce, "Na sani."