Rami Na Ashirin Da Uku

Dutsen farko ya fasa tagar zauren jarrabawa da ƙarfe goma saura. Mai Waya, wanda ke kula da kwamfutocin cibiyar, ko kai bai ɗaga ba, don wutar da ke gabansa ta fi ta waje.

Da safen an ɗauke wuta an dawo da ita, kwamfutoci ɗari biyu suka tashi lokaci guda. Kowace in ta tashi sai ta yi shela a kan waya tana neman adireshi da ƙofar fita, saba, babbar kwamfutar cibiyar, ta amsa mata. Yau kusan rabinsu sun ƙi buɗe jarrabawa. Masu zanawa sun cika harabar, 'yan rakiyarsu na jijjiga get, ana ihun an sayar da tambayoyi.

Mai cibiyar ya shigo ɗakin saba, ya cakumi kwalar Mai Waya ya gwara shi da bango.

"Don ubanka, me ka taɓa?"

"Ranka ya daɗe, sake ni in duba."

Ya sheƙa zaure, ya buɗe bayanan kwamfuta guda da ta ƙi. Ai kuwa! Adireshin cibiyar da goma yake farawa, wannan kuma 192.168.0 aka ba ta, ƙofar fitarta 192.168.0.1, kuma daga can amsar ta fito. Wato akwai wata na'ura a ginin da ke rigan sabar amsawa, tana tura kwamfutoci ƙofar da ba ta kaiwa ko'ina.

Daga kwamfutar ya zaro lambar jikin baƙuwar na'urar, ya koma ɗakin saba ya nemi lambar a jadawalin suwic, akwatin da duk wayoyin ginin ke haɗuwa, kowace da raminta. Rami na ashirin da uku. Nan take ya rufe ramin, ya aika a kashe kwamfutocin da suka ƙi a sake kunnawa. Sannan ya dubi takardar ramuka da ke manne a bango. Ashirin da uku: ɗakin maigadi.

Maigadin kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana goye. Mai Waya da hannunsa ya ba Kawu tsohuwar rauta, na'urar intanet, don ya riƙa ganin 'yarsa da ke aure nesa ta kiran bidiyo. Ya jona wayar bango a shuɗin ramin rautar, ya ja masa kunne kada ya taɓa rawayan, don ta nan take raba adireshi. Jiya kuwa Kawu ya yi sharar ɗaki.

Tsautsayi, mai cibiyar na tsaye a bayansa, shi ma ya karanta. Matsoracin banza! Ya ruga zaure, ya leƙa ta fasasshiyar tagar ya kwarma: "Mun gano! Daga ɗakin maigadi aka yi mana kutse!"

Kafin Mai Waya ya sauko matakala an ɓalle get. Sun jawo Kawu ta ƙafa, hularsa a ƙasa, wani ƙato na ɗaga rautar sama, wayarta na reto daga rawayan rami. Wani ya sheme tsohon da ƙafar benci a kafaɗa. Kawu bai san ma laifinsa ba, salati kawai yake yi.

Mai Waya ya kutsa tsakiya ya faɗa kansa.

"Tawa ce! Ni na jona ta! Tsohon nan ko kunna ta bai iya ba!"

Ai sai suka sami wanda suke so. Bel mai ƙarfe ya fasa masa goshi. Aka shure shi a haƙarƙari har ya ji wani abu ya karye. Ya sa hannun dama ya kare kan Kawu, ƙaton nan ya taka yatsun da dunduniyar takalmi, ya murje su a kan siminti. Tsoro ya kama shi sosai, amma bai ɗaga ba.

Can wata mai sa ido ta fito bakin zaure da gudu: "Ta dawo! Jarrabawa ta buɗe! Kowa ya koma kujerarsa!"

Cikin minti guda harabar ta watse. Waɗanda suka dake shi suka shige suna gyara riga, suka zauna gaban kwamfutocin da ya gyara musu. Ko waiwaye babu wanda ya yi.

Kawu ya rarrafo ya ɗora kansa a cinya, yana goge masa jini da hular.

"Ɗana, me ya kai ka yin ƙarya? Ni na cire wayar jiya da nake shara, na mayar da ita. Na ga ramukan duk girmansu ɗaya ne."

"Yi shiru, Kawu, kada a ji."

Ya yi ƙoƙarin rufe wa tsohon baki, hannun ya ƙi tashi. Kawu ya tallabo yatsun a tafinsa, ya dube su, uku sun karkace baya.

"Da wannan kake cin abinci," in ji shi, sai ya fashe da kuka.