Ribar da Ba Ta Shiga Bakin Zane

Shafa'atu ta sa maƙwabcinta Malam Lawal ya karanta mata takardar har sau biyu. Daga Mati ta fito, ƙanin marigayi mijinta, wanda ta ba fam talatin ya buɗe kanti a Dayi, riba a raba biyu.

"Yaya, ribar bana fam ashirin da huɗu ce, rabonki sha biyu. Amma a akwati sule bakwai ne kacal. Fam sha ɗaya na sayi ƙarin gishiri da kananzir da atamfa, don kasuwar auduga ta kusa. Fam sha uku suna hannun manoma da suka ɗauki kaya da damina, sai sun sayar da auduga. Ki yi haƙuri wata biyu."

Wata biyu! Ita da sana'ar man gyaɗa take ci da 'ya'yanta, kuma yanzu da kaka gyaɗa ke araha. In ta wuce, sana'ar shekara ta wuce. Ranta ya ɓaci, amma mamaki ya fi ɓacin ran yawa. Tun tana budurwa take saye da sayarwa a Malumfashi, ba ta taɓa jin ribar da ba a ƙulle ta a bakin zane ba. Gani ya kori ji, washegari ta hau babbar mota zuwa Dayi.

"To, sarkin lissafi," ta ce da Mati, "nuna mini ribar nan in gaishe ta."

Ya nuna mata buhunan gishiri. Ta dafa ɗaya, ta ce wannan ai ba ya soyuwa. Ya buɗe littafi ya hau karanto sunayen waɗanda ake bi.

"Wa ya fi nauyi?"

"Sabo na bayan rafi. Fam shida. Bamaguje ne mai cika alkawari, Yaya, kuɗin ne bai zo ba."

"Mu je in ga inda fam shidan suke kwana."

Suka iske Sabo a tsakar gida, matansa na ɓarar gyaɗa, ga buhuna a jingine. Da ganin Mati, Sabo ya sunkuyar da kai, ya fara rantsuwa cewa mai awon da ke sayen auduga bai iso ƙauyen ba tukuna. Shafa'atu ko sauraronsa ba ta yi. Ta ɗebi gyaɗar, ta tauna, ta murza a yatsa ta ga maiƙo.

"Buhu nawa fam shida za su saya?"

"Biyu, uwar gida, har da 'yar gyara," in ji Sabo.

"To me zan yi da kuɗi? Dama gyaɗar zan saya."

Mati ya tsuguna nan take ya soke sunan Sabo a littafi, ya cire fam shida daga rabonta. Sabo ya ɗora buhunan a jaki da kansa, yana ta murmushi. Ya ce wata huɗu ke nan yana zagayawa ta bayan kanti in zai shiga kasuwa.

Kwana uku bayan haka, tun da hantsi, yaran unguwa suka yi layi a ƙofar gidan Shafa'atu da kwalabensu na sayen man gyaɗa.