Barkar Mai Ɗinki

Tun da aka sallamo Maijego daga asibiti, mahaifiyarta, Inna, ta jawo kujerar roba ta kafa a bakin ƙofar ɗaki, ta zama mai gadi. Duk wadda ta hawo benen nan don barka sai ta bi ta gabanta, Inna kuwa kunnenta na kan bakin kowa. Amma mutum ɗaya take jira, Mai Ɗinki ta hawan ƙasa, aminiyar 'yarta tun suna 'yan mata.

Ga dalili. Shekara uku da suka wuce, a haihuwar fari, Mai Ɗinki ta ɗauki jaririya ta ce, "Kai, wannan ƙatuwar yarinya, ga kumatu!" Ba tubarkalla, ba ma sha Allah. Kwana biyu tsakani yarinya ta kama zazzaɓi, aka yi kwana tara a asibiti. Likita ya ce cibiya ce ta yi ruwa. Inna ta ce likita ya san allura, bai san baki ba. Kuma ba a cikinta ta bar maganar ba, har mai wankin unguwa sai da ya ji.

Wannan karon ta rantse jikanta ba zai taɓa hannun matar nan ba, ko da abotar za ta mutu.

Da hantsi sai ga sallama. Mai Ɗinki ce, da leda a hannu. Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Inna, barka da arziki. An samu ango."

"Barka kadai," in ji Inna, tana kallon ledar. Sabulu ne da riguna uku. Ta juya kowace riga ciki da waje, har ɗinkin wuya ta laluba. Ba komai.

Mai Ɗinki ta zauna can ƙarshen gado, wajen ƙafafu. "Sannu, Maijego. Barka da sauka lafiya. Ya jikin? Ruwan nono ya zo? Allah ya raya mana, ya shirya shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Ke kuma Allah ya ba ki lafiyar shayarwa."

"Amin, amin," in ji Maijego.

Inna ta bi addu'ar nan kalma kalma tana neman inda za ta kama, ba ta samu ba. Ta riga ta tanadi ƙaryarta, da an miƙo hannu za ta ce yanzu ya yi barci. To, ba a miƙo ba. Jariri na nan nannaɗe cikin tawul, Mai Ɗinki ko kallon wajen ba ta yi, hannuwanta na matse a cinya.

Nan fa hankalin Inna ya fi tashi. Wa ke zuwa barka bai ce a ba shi jariri ba? Ko maƙiyi yakan leƙa fuska ya ce da wa ya yi kama. Me matar nan ta ƙullo?

"Ke, ba za ki ga ɗan naki ba?" in ji Maijego.

"Na gan shi daga nan."

"Daga nan tawul kike gani."

Mai Ɗinki ta miƙe tana gyara mayafi. "Bar shi, ƙawata. Na ji abin da ake faɗa a kan bakina. In ya yi atishawa gobe, kar a ce ni ce."

Inna ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Maijego ta yunƙura da ƙyar, ɗinkin haihuwa na cinta, ta ɗauki yaron. "In kika fita ba ki riƙe shi ba, kar ki ƙara hawo benen nan. Inna, ƙyale ta ta karɓe shi."

"Yanzu fa ya yi bar..."

"Idonsa biyu, Inna."

Mai Ɗinki ta yi bismilla, ta karɓe shi, ta tallafe kan da tafin hannu. Ta buɗe tawul a hankali. Inna ta taso ta tsaya a kanta, har numfashinta na taɓa wuyan matar.

"Tubarkalla, ma sha Allah," in ji Mai Ɗinki. Ta waiwayo. "Inna, kin ji, ko in ƙara?"

"Ƙara."

Ta ƙara sau biyu, da ƙarfi, yadda na hawan ƙasa ma za su shaida. Sannan ta ƙura wa yaron ido ta girgiza kai. "Amma dai, Inna, angon nan naki hancinki ya kwaso kaf. Wannan ko na so yabo, ina zan fara?"

Maijego ta riƙe ciki tana dariya tana cewa wayyo ɗinkina. Inna ta buɗe baki za ta rama, sai ta tsaya. In ta ce hancin kyakkyawa ne, ita ce ta yaba da bakinta.

"Mummuna ne," ta ce. "Riƙe shi da kyau, bari in kawo miki ruwa."