Hasashen Shekara Goma

A gida Auta ake ce mata, a ofishin neman aiki kuwa taga ta huɗu ce tata. Shekararta tara a wannan kujerar: tebur, kwamfuta, gilashi mai rami a ƙasa da ake zuro takarda, da fanka da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aikinta ta zauna da wanda ya rasa aiki, ta duba abin da ya iya, ta duba inda ake neman mutane, ta ba shi shawarar sana'ar da zai koya.

Ran Litinin da hantsi ta danna lamba ta gaba, sai ga yayanta ya taso daga benci, hula a hannu. Bai gaya mata zai zo ba. Ya yanki tikiti kamar kowa, ya yi zaman awa biyu.

"Yaya, da ka kira ni ai."

"Layi na kowa ne, Auta," ya ce, ya zauna a hankali saboda bayansa.

Ta san an sallame shi mako uku da suka wuce, matarsa ce ta faɗa mata. Tun ranar take kauce wa gidansu, domin ita ce ta kai shi inda aka sallame shi ɗin.

Shekara shida baya, Yaya makanike ne a garejin manyan motoci, har ciwon baya ya hana shi shiga ƙarƙashin mota. Ita kuwa lokacin jininta na tafasa, ta ɗauki rahoton hasashen ayyuka ta kai masa har gida. Ta nuna masa cewa harkar sufuri da rumbunan ajiyar kaya za ta ƙaru da kashi ashirin cikin ɗari a shekara goma. Ta ce ya koyi shigar da bayanai a kwamfuta, aikin zaune ne, kuma harkar gaba take yi. Ya koya da yatsu biyu, yana dariyar kansa, har hannu ya faɗa. Wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke shi, yana kwafe takardun kaya.

Rahoton bai yi ƙarya ba. Harkar ta bunƙasa, har ta wuce yadda aka zata. An ƙara direbobi, an ƙara rumbuna. Amma kamfanin ya sayi manhajar da ke karanta takardun da kanta, akawu arba'in suka koma shida. Sai daga baya Auta ta gane kuskurenta: shafin harka ta karanta, ba ta buɗe shafin sana'a ba. Da ta juya zuwa bayan rahoton, da ta ga cewa tun a lokacin layin masu shigar da bayanai ƙasa yake yi, ko da harkar da suke ciki na hawa.

Yaya bai taɓa yi mata gori ba. Wannan ya fi mata ciwo.

Ta yi masa bayanin tsarin kamar yadda take yi wa kowa, idonta a kan allo. Ofis na ɗaukar nauyin kwas guda ɗaya, wanda bai wuce wata shida ba, daga cikin jerin guda tara. Sai an cike takarda kafin Alhamis da azahar. Ya saurara, ya ɗauki jerin ya ninke, ya ce ta duba masa kamar wancan karon. Ta ɗago ta kalle shi ko da magana a ciki. Babu.

Kwana biyu ta yi tana cin abincin rana a gaban kwamfuta. Wannan karon ba ta yarda da layi ɗaya ba.

Girka sola ne ke kan gaba, kashi arba'in cikin ɗari. Kowa shi yake so. Amma da ta sauko daga alƙaluman ƙasa baki ɗaya zuwa na yankinsu, sai ta ga masu wannan aikin ɗari biyar ne kacal. Kashi arba'in ɗinsu mutum ɗari biyu ne, a shekara goma, wato ashirin a shekara. Ofishinsu kaɗai ya tura mutum ɗari da ashirin wannan kwas ɗin bara. Ga kuma hawa rufi, da mutumin da ɗaura takalmi ma sai ya dafa bango.

Kula da tsofaffi da marasa lafiya ya fi kowanne yawan gurabe. Ta bi tallace-tallacen neman ma'aikata na wata shida, ta tarar wurare iri ɗaya ne ke maimaita talla duk bayan 'yan makonni. Mutane ne ke shiga suna fita, saboda ɗaga majiyyaci da tsayuwar awa goma sha biyu. Ta soke shi.

Gyaran firji da na'urorin sanyi yana can ƙasa, kashi bakwai, ba mai kallonsa. Sai dai masu aikin dubu uku ne a yankin, kuma kusan ɗaya cikin uku ya haura shekara hamsin da biyar. Idan aka haɗa sababbin gurabe da na masu ajiye aiki, za a nemi mutum wajen ɗari da ashirin duk shekara. A mujallar 'yan masana'antu ta ga labarin manyan ɗakunan sanyi biyu da za a gina don adana magani da kayan gona. Ta san sanarwa daban, aza harsashi daban, don haka ranar Talata da aka tashi ta hau mota ta je wurin. Ɗaya fili ne da allo. Ɗayan kuwa ginin ya kai linta.

Ta buga wa masu kamfanonin gyara huɗu waya. Biyu sun ce sai mai gogewar shekara biyu. Ɗaya bai ɗauka ba. Na huɗun, wani dattijo mai tari, ya ce tsohon makanike ya fi masa yaro sabon fita, don ya san jin ƙarar inji, kuma akwai aikin benci da ba ya bukatar ɗaukar nauyi. Amma ya ce ba zai yi alkawari ba, a zo da takardar shaida tukuna.

Laraba da safe ta buɗe rajistar kwas ɗin gyaran na'urorin sanyi. Kujera goma sha takwas, duk an cike. Aji na gaba sai bayan wata huɗu.

Ta shiga wajen shugabar sashe, mace mai kirki wadda ita ma rahoto take rubuta wa na sama da ita. Shugabar ta ce ba yadda za a yi a ƙara kujera, injinan koyo tara ne, mutum biyu-biyu. Ta tura mata wata takarda: ajin aikin ofis da kwamfuta na da gurbi goma sha ɗaya babu kowa, kuma idan ba a cike ba za a tambaye su dalili. Ta ce ai yayan nata ya riga ya iya, zai ma fi kowa. Auta ta ce sana'ar mutuwa take yi, su biyun sun sani. Shugabar ta cire tabarau ta murza ido, ta ce ta sani, amma jerin an amince da shi ne shekara uku da suka wuce, kuma ba su ke sauya shi ba.

Da la'asar Auta ta je gidan Yaya. Ta same shi a baranda ya kwance fankar maƙwabci yana goge ta. Matarsa ta kawo ruwa, ta ce yau baƙuwar ido ta tuna hanya, sannan ta koma ciki ta bar ƙofa a buɗe don ta ji.

Auta ta shimfiɗa takardunta a kan tabarma, ta bi da shi ɗaya bayan ɗaya. Ya gane da wuri. Ya ce ashe kason nan kamar kuɗin goro ne, sai ka tambaya na mutum nawa. Da ta zo kan na'urorin sanyi sai ya ajiye sukudireba, ya yi ta tambayar irin injinan, har ya ɗan yi murmushi. Ta gaya masa maganar wata huɗun.

Ya ciro waya ya nuna mata saƙo. Tsohon kamfaninsa ne. Suna neman mutum biyar na wata uku, su zauna su riƙa gyara kurakuran da manhajar ke yi a takardun da aka rubuta da hannu. Su fara Litinin.

Auta ta san ƙa'idar da ka. Kwas ɗin na marasa aiki ne. Ranar da ya sa hannu a kwantiragi, sunansa ya fita daga rajista. Idan ya dawo, sai ya sake bin layi daga baya. Ta faɗa masa haka. Ta kuma faɗa masa abin da ya riga ya sani, cewa duk kuskuren da ya gyara, manhajar koyo take, har ranar da ba za ta bukace shi ba.

"To in na jira wata huɗun, na yi wata shida ina koyo, dattijon nan zai ɗauke ni?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Lissafin naki fa?"

"Lissafin ya ce za a nemi mutum ɗari da ashirin. Bai ce kai ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wancan karon ba ta ce ba ta sani ba, kuma ya fi son wannan amsar. Nan ta buɗe baki za ta ba shi haƙurin da ta daɗe tana ajiyewa, ya ɗaga hannu ya ce ta bari, shi ma yana da ido lokacin.

Daga ciki matarsa ta ce wata goma ba kwana goma ba ne, yara uku suna makaranta. Ba da faɗa ta faɗa ba. Auta ta ce za ta taimaka da abin da take da shi. Yaya ya ce ya san abin da take ɗauka, kuma Inna na hannunta.

Ranar Alhamis bai zo ba. Da azahar Auta ta rufe fayil ɗinsa, ta zaɓi "ya samu aiki" a cikin akwatin dalili, domin babu wani akwatin da ya dace. A rahoton watan, Yaya ya shiga cikin nasarorin ofis.

Bayan wata uku aka sabunta kwantiragin zuwa wata biyu, mutum biyar suka koma uku, yana ciki. Ajin sanyi ya buɗe da wasu mutum goma sha takwas. Ɗakin sanyin da ya kai linta aka yi masa rufi, aka liƙa takardar neman masu gyara huɗu a ƙofa.

Wata Talata ya kira ta a lokacin hutun rana, tana jin ƙarar motocin ɗaukar kaya a bayansa. Ya ce ya ji a rediyo an fitar da sabon rahoto, ko ta gani. Ta ce yana gabanta. Ya tambayi na sanyi, ta ce ya koma kashi tara. Ya tambayi nasa. Ta karanta masa.

"To," ya ce. "Yaushe ne aji na gaba?"

Ta faɗa masa watan. Ta ji yana ƙirga da baki, yana gwada shi da ranar da kwantiraginsa zai ƙare. Akwai mako bakwai a tsakani, kuma ana rufe rajista kafin ya fita daga aikin. Wani ya kira shi daga nesa, ya ce mata takardu sun taru, sai sun yi magana.