Kuɗin Tabarau

Mai kitson ta goge man da ke yatsunta a zani, ta ɗauki waya, ta buɗe manhajarta ta aika kuɗi. 'Yarta da ta baro a ƙasarsu wurin kaka ba ta ganin allo a aji, kuma mai tabarau ya ce sai dubu sittin cif. Ita kuwa ɗari da biyu ne gare ta, a kuɗin ƙasar da take zaune.

Yayarta da ke zaune da rabin kitso a ka ta leƙo.

"Ke dai da son wahala! Buɗe manhajar da nake aiki da ita, kyauta suke aikawa."

Ta buɗe, ta rubuta ɗari da biyu. Gaskiya babu caji, amma ɗaya a ɗari biyar da tamanin suke canjawa. A ƙasa an rubuta abin da kaka za ta karɓa: dubu hamsin da tara da ɗari da sittin.

Ta koma tata manhajar. Nan caji biyu ne, sauran ɗarin kuma a ɗari shida-shida. Dubu sittin daidai.

"Yaya, kyautarki ta cinye mana ɗari takwas da arba'in. A cikin canjin suka ɓoye ladansu."

"Kai! Shekara biyu ina yi musu godiya!"

"Ai sun ji daɗinta."

Ta sake duba sunan kaka da lambar asusunta, ta danna kafin farashin ya motsa. Sannan ta kama kan yayar.

"Sunkuya. Nawa cajin a fili yake."