Shuɗi Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da kimiyyar sinadarai cikin farar riga, har ɗalibai suka raɗa mata Daidai-wa-daida, domin ba ta yarda da "kusan haka" ba ko a gishirin miya. A makarantar, duk malamin da ya yi ritaya akan ɗauki hotonsa a rataye a bangon babban zaure. Shekara talatin da ɗaya kuma tana wucewa ta gaban bangon tana yi wa hotunan sharhi: wannan kamar an kama shi da satar jarrabawa, waccan kamar buhun da aka ɗaura wa tabarau. Yau da ƙarfe huɗu nata za a ɗauka, kuma ta san akwai masu baki irin nata da za su gaje ta.

Saboda haka ta shirya wa abin kamar gwaji. Ta zaɓi shuɗi. Ta yanki ƙyalle daga yadin rigar, ta yi mako uku tana bin shaguna da shi, tana karawa a jikin mayafi, ɗankwali, jaka da takalmi, har sai da komai ya fito launi ɗaya sak. Wani mai takalma ya rantse bai taɓa ganin mai ciniki da ta fito da kaya bakin titi ta duba su a hasken rana sau uku ba.

Da ƙarfe goma ta isa shagon ƙanwarta, autar gidansu, wadda tela ce. Ta shiga bayan labule ta saka komai, ta fito ta tsaya gaban dogon madubi.

Auta ta cire allurar da ke bakinta a hankali.

"Yaya, wane asibiti ne ya ɗauke ki aiki?"

"Ban gane ba."

"Ɗakin tiyata nake nufi. Safar hannu kawai ta rage."

Malama ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta sake duban madubin. Rigar ta zauna, ɗinkin ba laifi. Amma daga kai har ƙafa babu inda ido zai tsaya. Ba a gane inda mayafi ya ƙare riga ta fara, jakar kuwa ta ɓace a jikinta ɗungurungum. Abin da ya fi ciwo, ta gane wannan kamannin. Buhu mai tabarau ne, sai dai shuɗi.

"Ai komai ya dace da komai," in ji ta, murya ƙasa ƙasa.

"Shi ne ciwon. Da kin kawo mini su tare tun farko, da na faɗa miki. Yadi kaɗai kika kawo, kika ce kada in sa baki."

"To a ƙara ja. Ko ruwan ɗorawa."

"Ke da ja? Za ki yi wata kina jin haushin kanki. Shuɗin za mu bari, mu nemo masa 'yan'uwa. Gidanmu ma ai uba ɗaya ne, amma ba fuska ɗaya ba, alhamdu lillahi."

Ta jawo buhun ragowar yadi ta zazzage a kan teburin yanka. Ta zaro karammiski mai duhu, shuɗin da ya kusa baƙi, ta yafa wa Malama a kafaɗa. Ta zaro wani siririn shifon mai haske kamar sararin safiya. Ta zaro guntun satin mai sheƙi, wanda ya ɗara rigar duhu kaɗan. Ta jera su a kan rigar, ta ja da baya.

"Duba. Karammiski shanye haske yake, shi ya sa yake da zurfi. Satin mayar da shi yake. Shifon barinsa yake ya wuce. Rigarki kuwa auduga ce, ba ta sheƙi, ita ce ƙasan da sauran za su tsaya a kai. Mai hasken zai zauna kusa da fuska."

Malama ta ƙura wa ƙyallayen ido. A farkon kowane zango takan jera kwalabe biyar a gaban aji, ta zuba ruwan wani sinadari shuɗi a ta farko, ta riƙa ƙara ruwa daga kwalba zuwa kwalba, har ta ƙarshe ta koma kamar ruwan sha. Shi ne darasi ɗaya tilo da 'yan bencin baya suke miƙewa su kalla. Ba a taɓa samun wanda ya miƙe don kwalba ɗaya ba.

"Sirki ne kawai," in ji ta. "Abu ɗaya, ƙarfi daban daban. Na fi ki sanin wannan."

"Na ga alama," in ji Auta, tana kallon takalman.

Daga nan Malama ta karɓi ragama, kamar yadda ta saba. Ta tono wani gyale mai kyau ta ɗaga. Auta ta kara shi da karammiskin ta girgiza kai.

"Wannan ba ɗan gida ba ne. Kore ne ya yi aure cikin shuɗi. Namu duk sun karkata wajen shunayya, shi ya karkata wani wajen. Ki sa shi, sauran su yi kamar sun yi datti."

Malama ta fita da shi bakin titi ta duba a rana. Ta dawo ta ajiye ba ta ce komai ba, wanda a wurinta babban yabo ne.

Auta ta yanka doguwar falmaran daga karammiskin, tana shafa shi da tafin hannu kafin kowane yanka don gashinsa ya kwanta gefe ɗaya, in ba haka ba dama da hagu su fito launi biyu. Satin ɗin ya zama ɗankwali, Malama kuma ta zauna tana kalmashe bakin shifon da allura don ya zama mayafi, aikin da rabonta da shi tun suna yara. Suka yi musu a kan wanda ya ƙona labulen mahaifiyarsu da dutsen guga shekara arba'in da suka wuce. Ba a cimma matsaya ba. Jakar aka bar ta a shago. Takalman mako uku kuma Auta ta ƙwace, ta ba ta nata na fata masu duhu.

"Sun ɗan matse ni."

"Hoto za ki, ba tsere ba."

Ƙarfe huɗu saura kwata suka shiga zauren. Mai hoto ya riga ya kafa fitilunsa, ya rataya ƙyallen da zai zama bayan hoton. Malama ta ja ta tsaya. Ƙyallen shuɗi ne, kuma da ta zo da guntun yadinta ta kara, da ta ba shi maki ɗari bisa ɗari.

Auta ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

"Yaya, da kin zo cikin kayan ɗazu, da kai kawai za a rataye, ba gangar jiki. Kai da tabarau."

Malama ta zauna a kujerar. Karammiskin ya zana kafaɗunta sarai a jikin bangon, satin ɗin ɗankwali ya kama fitila, shifon ya haska mata fuska. Mai hoto ya leƙa kyamara ya ɗago.

"Malama, kin sauƙaƙa mini aiki. Wa ya haɗa miki kayan nan?"

"Ilimin sinadarai ne," in ji ta.

Daga bayan fitilun Auta ta yi wani tari mai tsawo. Malama ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa, a daidai lokacin kuma mai hoto ya danna.

Hoton yana nan a bangon, na uku daga ƙofa. Shi kaɗai ne mai dariya a layin. Wata sabuwar malamar lissafi, wadda bakinta bai bar kowa ba, ta tsaya gabansa ranar da aka rataye shi, ta daɗe tana neman abin faɗa, daga ƙarshe ta tambayi shagon telar.