Bayan Kalanda

Tun tana aji uku a firamare kowa a gidanmu yake kiran ƙanwata Likita. Baba ne ya fara, har sunan ya bi ta. Bara ta cike gurabe ukun da fom yake ba mai nema da likitanci a jami'o'i uku, ko ɗaya ba ta kira ta ba. Shekara guda ta yi a ɗaki, ta rame, ta daina fita ko ƙofar gida. Ni na goya yarinyar nan, ba zan iya kallonta ta sake wata shekarar haka ba.

Ranar Talata da hantsi ta zo gidana da takardunta, saura kwana uku a rufe fom. Na kwantar da jaririyata, na ciro tsohuwar kalanda na kifa ta a kan tabarma, na ja layuka da biro.

"Yaya, gona za ki raba?" in ji ta.

"Karanto min dai. Jami'a ta farko."

Jami'o'i shida muka jera a gefe. A sama na rubuta darussan da kowane kwas yake so, sakamakon zama nawa ake karɓa, mafi ƙarancin makin jarrabawar shiga, makin da aka tsaya a kai bara, ko suna yin tasu tantancewar, da ranar rufewa. Muna buɗe shafin kowace jami'a a wayata, tana karantawa ina cikewa.

A layi na biyu hannuna ya tsaya. Ta faɗi fizis a jarrabawar gama sakandare, ta sake rubutawa ta ci, wato sakamakonta na zama biyu ne. Biyar daga cikin shidan sun ce likitanci sai wanda ya ci duka darussan a zama ɗaya. Uku da ta nema bara duk suna ciki.

"Ashe ko duba makina ba su yi ba," ta ce a hankali.

"Wa ya cike miki bara?"

"Mai shagon kwamfuta. Baba ya ce masa likitanci, ya danna."

Ta shidan ce ta rikita mu. Littafin jagora da ta zo da shi ya ce zama ɗaya, shafinsu ya ce biyu. Na duba bangon littafin, ashe na shekaru uku da suka wuce ne. Duk da haka na kira ofishin ɗaukar ɗalibai. Sai a kira na huɗu wata mata ta ɗauka, ta ce ƙwarai suna karɓar zama biyu.

Ƙanwata ta yi tsalle har ta tayar min da yarinya. "Sun ce maki ɗari biyu, ni ina da ɗari biyu da arba'in da takwas!"

"Wancan na shiga layi ne, Auta. Dubi nan." Na nuna mata ɗaya layin. Bara mutum na ƙarshe da suka ɗauka a likitanci yana da ɗari biyu da casa'in.

"To in bana ya sauko fa?"

"Yakan motsa, amma da wuya ya faɗo da arba'in."

"Ke dai ba kya so a ce akwai likita a gidan nan."

Maganar ta soke ni. Na saɓa jaririya a kafaɗa, na ci gaba da rubutu da hannu ɗaya. Na soke duk inda ba ta cika sharaɗi ba. Abin da ya rage na kasa shi uku. Harhaɗa magunguna a wata jami'a, inda aka tsaya a ɗari biyu da hamsin da biyar, sai an yi sa'a. Aikin jinya, ɗari biyu da arba'in, daidai ita. Gwaje-gwajen asibiti, ɗari biyu da ashirin, wannan da ƙyar ya kuɓuce mata. Dukansu suna karɓar zama biyu, ta kuma ci darussansu.

"Ba zan sa miki abin da ba kya so ba," na ce. "In akwai wanda ba za ki iya zama ki karanta ba, mu cire shi yanzu."

Ta daɗe tana kallon kalandar. Can ta karɓi biron, ta zagaye ukun da kanta, hawaye yana ɗiga a kan takardar.

Wayarta ta yi ƙara. Baba ne. Ta tura min ita da yatsa, na ɗauka.

"Ina Likitan tawa? An cike?"

Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai.

"Ba a cike ba tukuna, Baba. Kana gida? Ga mu nan zuwa, akwai abin da zan nuna maka."

Na naɗe kalandar, na goya yarinyata. Ƙanwata ta kwashi takardunta, muka nufi bakin titi.